Sharhi: Abin da Aika Kaskon Tangaran daga Kano zuwa Birmingham Ya Koya Mini Game da Kwali da Sikeli

Sau biyu na yi amfani da wani kamfanin aika kaya ta jirgin sama da ke da ofishi a Kano, kuma duka biyun kaskon turaren wuta na tangaran na aika wa wata 'yar'uwata da ke zaune a Birmingham, wadda take sayar da su ga matan Arewa da ke can. A karon farko na biya kuɗin kilo 22 a kan kayan da sikeli ya nuna nauyinsu bai kai kilo 7 ba, sannan kasko biyu cikin shida suka isa a fashe. A karo na biyu na aika kasko takwas, na biya kuɗin kilo 18, kuma dukkansu suka isa lafiya. Kamfanin ɗaya ne, hanyar ɗaya ce, ma'aikacin da ya karɓi kayan ma shi ne bai canza ba. Abin da ya bambanta shi ne kwalin da kuma yadda aka cika shi, don haka a kansa zan fi tsayawa a wannan sharhi.

Kowane kasko da murfinsa yana da nauyin giram 900, faɗinsa santimita 14, tsayinsa kuma santimita 12. Tangaran ne mai ƙyalli, murfin yana da ƙananan huda inda hayaƙi ke fita, kuma a samansa akwai ɗan kan da ake kamawa a ɗaga, wanda shi ne wurin da ya fi rauni a jikin kaskon gaba ɗaya. A karon farko na yi abin da yawancinmu muke yi idan za mu ba direban mota saƙo zuwa Kaduna ko Abuja: na samo wani babban kwali da aka taɓa zuba kayan masarufi a ciki, na naɗe kowane kasko da tsohuwar jarida, na cusa wasu jaridun da na dunƙule a tsakaninsu, na ɗaure da salatif, na rubuta da babban baƙi cewa kayan fashewa ne. A tunanina a lokacin, girman kwalin alheri ne, domin kayan za su sami wurin sakewa.

Da na isa ofishin, ma'aikacin ya ɗora kwalin a kan sikeli, allura ta tsaya a kilo 6.8, ni kuwa har na fara lissafin kuɗin kilo 7 a zuciyata. Sai na ga ya ciro tef ɗin awo daga aljihun tebur, ya auna tsawo ya sami santimita 60, faɗi 45, tsayi 40, ya danna na'urar lissafi, ya juyo mini da fuskarta. Ya ce, "Hajiya, kilo 22 za ki biya." Na ce, "Malam, sikelin naku ne a gabanmu, ko bai kai bakwai ba." Ya ce, "Gaskiya ne Hajiya, amma jirgi wuri yake sayarwa, ba nauyi kaɗai ba." Wannan jimla ita ce duk bayanin da na samu a ranar, kuma na ɗauka wata dabara ce ta cin kuɗin mutane, har sai da na koma gida na zauna na karanta takardar farashinsu.

Ƙa'idar ba ta wannan kamfani kaɗai ba ce. Manyan kamfanonin aika saƙon gaggawa zuwa ƙasashen waje suna lissafa nauyi iri biyu ga kowane kwali, wato nauyin sikeli da nauyin girma, sannan su caji wanda ya fi yawa a cikinsu. Nauyin girma ana samunsa ne ta wannan hanya, idan an yi awon da santimita:

tsawo × faɗi × tsayi ÷ 5000

Kwalina ya ba da 60 × 45 × 40, wato 108,000, wanda idan aka raba shi da 5000 ya zama 21.6, su kuma suna ɗaga lissafi zuwa rabin kilo na gaba, shi ya sa ya zama 22. Hanya mafi sauƙi da na samu ta riƙe wannan ƙa'ida a ka ita ce, duk wurin da zai ci lita 5 ana ɗaukarsa a matsayin kilo ɗaya, ko da iska ce a cikinsa. Jarkar ruwa mai lita 25 da babu komai a ciki, wadda yaro zai ɗauka da yatsa biyu, a wajensu ta kai kilo 5 tun kafin a saka ta a kwali. Da na fahimci haka sai fushina ya ragu, domin cikin jirgi yana iya cika maƙil da kwalaye marasa nauyi tun bai kai nauyin da zai iya ɗauka ba, kuma dole wani ya biya kuɗin wurin da suka tare. Abin da ban yafe wa kamfanin ba shi ne, ma'aikacin ya ga kwalin rabinsa jarida ce, ya san zan yi asarar kuɗin kusan kilo 15 a kan iska, amma bai ce mini in koma in sake shiri ba, bai kuma nuna mini ƙananan kwalayen da suke sayarwa a bayan kanta ba. Ya karɓi kuɗi ya ba ni rasit.

Bayan kwana shida 'yar'uwata ta turo mini hotuna. Kwalin ya lotsa a kusurwa ɗaya, jaridar da na dunƙule ta kwanta ta zama kamar tabarma a ƙasa, kaskon kuma duk sun taru a gefe guda. Ɗaya ya rabe gida biyu, ɗaya kuma kan murfinsa ya ɓalle ya bar rami. Duk wanda ya dubi hoton zai gane cewa ba faɗuwa ɗaya ce ta fasa su ba, junansu suka yi ta bugu tun daga Kano, domin a jikin waɗanda suka tsira ma akwai ƙananan tabo inda ƙyallin ya ɓare. Jarida tana da amfani wajen hana ƙarzuwa, amma ba ta dawowa idan an danne ta. Jijjigar mota da ta jirgi tana matse ta a hankali har sai wuri ya buɗe, kuma da zarar wuri ya buɗe kaya sun fara yawo. Tsohon kwali kuma, musamman wanda ya taɓa shan danshi ko aka taɓa ɗora masa kaya, ya riga ya rasa ƙarfin kusurwoyinsa ko da ido bai gani ba.

Na nemi diyya, aka ƙi, kuma dalilai biyu suka ba ni a rubuce. Na farko, shirin kayan bai cika sharaɗin da ke cikin yarjejeniyar da na sa wa hannu ba. Na biyu, mai karɓa ta sa hannu ba tare da ta rubuta cewa kwalin ya lotsa ba, sannan ta zubar da kwalin da jaridun kafin a zo dubawa. A nan ma na koyi abin da ya kamata a ce an faɗa mini tun a kanta: idan mutum bai sayi inshora a kan darajar kayansa ba, diyyar kayan da aka ɗauka ta jirgin sama tsakanin ƙasashe tana bin Yarjejeniyar Montreal ne, wadda ta ƙayyade ta a kan kowane kilo, kuma tun ƙarshen Disamban 2024 iyakar ita ce SDR 26 a kilo, wato ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, kimanin dala 35. Ga kasko wannan ba laifi, amma ga mai aika kayan gilashi masu tsada marasa nauyi, abin da zai samu ba zai kai ko kusa da kuɗin kayansa ba. Rubutun da na yi a jikin kwali cewa kayan fashewa ne kuwa bai ƙara mini wani haƙƙi ba, kuma a cibiyoyin rarraba kaya bel ne mai gudu yake ɗaukar yawancin kwalaye, shi kuwa bel ba ya karatu.

Bayan wata uku 'yar'uwata ta sake neman kaya. Na yi niyyar canza kamfani, amma da na tambayi wasu biyu sai na tarar lissafin girman iri ɗaya ne, wannan kuma ya fi kusa da ni, ga shi kayan farko sun isa a kan lokacin da suka yi alkawari. Don haka na koma, amma a wannan karon na fara da takarda da biro kafin in taɓa kwali.

Ƙa'idar da kamfanonin suka rubuta game da kayan fashewa ita ce kwali cikin kwali, tare da aƙalla santimita 5 na abu mai laushi tsakanin kwalin ciki da na waje ta kowane ɓangare, har da sama da ƙasa. Wannan santimita 5 ɗin ita ce tsakiyar matsalar, domin ita ke kare kaya kuma ita ke ƙara kuɗi: a kowane awo tana ƙara santimita 10, biyar ta nan biyar ta can. Ba na ba da shawarar a rage ta. Abin da za a iya ragewa shi ne wurin banza da ke cikin kwalin ciki, da kuma siffar kwalin kansa.

Na raba kowane kasko da murfinsa, na naɗe murfin shi kaɗai da takarda mai laushi, na ƙara ɗan guntun soso a kan kan nan mai rauni, sannan na kifa murfin a bakin kaskon, kan yana kallon ciki, bayan na cika cikin kaskon da takarda yadda murfin ba zai taɓa tangaran kai tsaye ba. Daga nan na naɗe duka da leda mai kumfa, irin wadda yara ke son fasawa da yatsa, zagaye uku, kumfar tana fuskantar jikin kaskon, na kama da salatif a kan ledar, ba a jikin tangaran ba. Da na gama, kowane ƙunshi ya zama santimita 17 a tsawo, 17 a faɗi, 15 a tsayi. Alamar da nake bi don sanin ko naɗin ya isa ita ce in matsa da babban yatsa a kan baki da gindin kaskon. Muddin ina jin kaifin tangaran ta cikin ledar, to sai na ƙara zagaye.

Sai batun jeri, wanda a nan ne lissafi ya ba ni mamaki. Da zan jera kasko shida a shimfiɗe, uku a tsawo biyu a faɗi, kwalin ciki zai zama 52 × 35 × 16, na waje kuma, bayan an ƙara soso da kaurin kwali, zai zama 63 × 46 × 27. Wannan ya ba da 78,246, wato 15.65, a biya kuɗin kilo 16. Amma da na gwada kasko takwas a hawa biyu, huɗu a ƙasa huɗu a sama, kwalin ciki ya zama 35 × 35 × 31, na waje 46 × 46 × 42, wanda ya ba da 88,872, wato 17.77, a biya kuɗin kilo 18. Ƙarin kasko biyu ya jawo ƙarin kilo biyu kacal. Idan aka raba, a karon farko kowane kasko ya ci kusan kilo 3.7 na kuɗin jirgi, a shimfiɗe zai ci kusan 2.7, a hawa biyu kuwa 2.25. Dalilin shi ne, kwalin da ɓangarorinsa suka kusa daidaita yana da ƙarancin bango idan aka kwatanta da abin da yake ɗauka, soso kuwa bango yake bi. Sai na kira 'yar'uwata na ce ta ƙara biyu a kan odarta, ta kuwa amince.

Samun kwali daidai wannan awo shi ne ya fi cin lokaci. Na ciki na yanka shi da kaina daga wani sabon kwali, na yi masa shinge da guntayen kwali masu giciye yadda kowane kasko yake da ɗakinsa, na kuma shimfiɗa faranti na kwali mai kauri tsakanin hawa na ƙasa da na sama. Na waje kuwa na saya a wajen kamfanin, mai bango biyu, wato idan aka dubi bakinsa za a ga layi biyu na lanƙwasasshiyar takardar nan maimakon ɗaya. Tsayinsa ya zarce abin da nake bukata, sai na tsaga kusurwoyi huɗu da reza zuwa santimita 42, na karya bangon a kan layi na naɗe shi ciki. Kuɗin kwalin nasu ya ninka na kasuwa, amma ingancinsa ya cancanta, kuma wannan yana cikin abubuwan da zan yaba musu.

Tsakanin kwalayen biyu na sa farin soso mai tauri, irin wanda ake samu a kwalin sabon talabijin ko firiji, na yanka shi faranti shida masu kaurin santimita 5. Na gwada soson katifa da farko na fasa, domin yana da laushi fiye da kima: idan kwali mai kilo tara ya faɗi, soson katifa mara tauri yana matsewa har ƙarshe, bugun ya wuce zuwa ga kayan kamar babu komai. Tsummoki da tsofaffin atamfofi, waɗanda mata da yawa ke amfani da su, suna ƙara nauyi kuma suna zamewa gefe. Na rufe da salatif mai faɗin kusan santimita 5, na bi tsagar tsakiya da bakin gefe biyu a sama, na maimaita a ƙasa. Ban ɗaure da igiya ba, ban kuma naɗe kwalin da buhu ba kamar yadda muke yi wa kayan mota, domin igiya tana maƙalewa a bel, wasu kamfanonin ma suna ƙara kuɗi a kan duk abin da ba a cikin kwali sosai yake ba.

Kafin in rufe na ɗaga kwalin na girgiza shi kusa da kunnena. Da farko na ji wani ɗan motsi a hawan sama, na buɗe na tarar ɗaki ɗaya ya ɗan yi faɗi, na cusa guntun leda mai kumfa, na sake girgizawa har sai da ban ji komai ba. Masu gwajin kwali a masana'antu suna sakin ƙaramin kwali irin wannan daga tsayin kusan santimita 76 har sau goma, a kan kusurwa da gefuna da kowace fuska. Ni dai zuciyata ba ta ba ni in yi goma ba, amma na sake shi sau biyu daga tsayin gwiwa a kan siminti, na buɗe na duba, sannan na rufe na ƙarshe.

Akwai kuskure ɗaya da na kusa yi, wanda ya dace a sani. Saboda tsoron fashewa na so in ƙara wani soson a gefe ɗaya, abin da zai sa bangon ya kumbura da santimita 2. Ana auna kwali ne a inda ya fi tudu, don haka 46 za ta koma 48, lissafin ya zama 92,736, wato 18.55, a biya kilo 19. Kilo guda a kan kumburin da ba ya ƙara kariya, hasali ma kwalin da ya kumbura ba ya zama daidai a ƙarƙashin wani, kuma ya fi saurin tsagewa. Haka kuma awon da aka yi a kantar ofishin ba shi ne na ƙarshe ba, domin a cibiyarsu na'ura tana sake aunawa, idan ta sami bambanci sai a biyo mutum da ƙarin kuɗi. Na ɗauki hoton kwalin da tef ɗin awo a jikinsa ta ɓangarori uku, da hoton sikeli yana nuna kilo 9.5, don in sami hujja idan hakan ta faru. Ba ta faru ba.

Game da iyakar nauyi, takardar kamfanin ta nuna cewa kwali ɗaya bai kamata ya wuce kilo 70 ba, kuma mafi tsawon ɓangarensa kada ya wuce santimita 120, in ya wuce sai da ƙarin kuɗi ko a ɗora shi a kan katako a matsayin babban kaya. Akwai kuma wani ƙarin kuɗin da yake farawa daga kilo 25, saboda daga nan kwali ya fi ƙarfin bel sai an ɗauka da hannu. Amma ga mai kayan fashewa, kilo 70 lamba ce da ba ta da amfani. Gwargwadon nauyin kwali, gwargwadon ƙarfin bugunsa idan ya faɗi, kuma ma'aikacin da ya gaji ba zai sauke kwali mai kilo 30 a hankali ba, sakinsa zai yi. A ra'ayina, tangaran da gilashi kada su wuce kilo 15 a kwali ɗaya. Idan kayan sun fi haka a raba su kwali biyu a ƙarƙashin takardar kaya ɗaya, ko da sosan zai ƙaru.

Wani abin da na so in haɗa a cikin kwalin shi ne kwalaben humra guda huɗu, tunda akwai ɗan wuri a kusurwa. A nan ma'aikacin ya yi abin da ya dace, ya tambaye ni ko akwai ruwa a ciki, ya kuma bayyana mini cewa turaren da ke da sinadari mai kama wuta yana cikin kayan haɗari a dokar jiragen sama, ba a karɓarsa sai da izini da shiri na musamman, kuma idan na'urar bincike ta gano shi za a tsare kwalin gaba ɗaya. Na cire su. Da irin wannan kulawar ya nuna mini a karon farko game da girman kwali, da sharhin nan ya fi haka daɗi.

Kayan sun isa Birmingham a rana ta biyar. Na riga na gaya wa 'yar'uwata ta duba kwalin kafin ta sa hannu, ta ɗauki hotonsa a rufe, kuma kada ta zubar da komai sai ta buɗe kowane ƙunshi. Kusurwa ɗaya ta lotsa kamar yadda ta faru a karon farko, faranti ɗaya na farin soson ya tsage biyu, alamar cewa kwalin ya sha faɗuwa mai ƙarfi a hanya, amma kwalin ciki ko ƙarzuwa bai yi ba, kasko takwas da murafunsu takwas kuma suka fito lafiya.

Hukuncina a kan kamfanin shi ne, a wajen saurin isarwa da bin sawun kaya ta waya ba ni da ƙorafi, kwalayensu masu kyau ne, lissafinsu kuma daidai yake da abin da suka rubuta. Rauninsu yana wajen kantar karɓar kaya, inda ba a yi wa baƙo bayanin nauyin girma ko sharuɗɗan diyya sai ya riga ya yi asara. Zan ci gaba da amfani da su ga oda ƙarama mai gaggawa. Ga oda babba kuwa, 'yar'uwata ta fara maganar kasko arba'in kafin azumi, kuma ina duba masu haɗa kaya a jirgin dakon kaya, inda aka saba raba girma da 6000 maimakon 5000. Da wannan lissafi kwalina na biyu zai zama 14.8, wato kilo 15 maimakon 18, sai dai a can mai karɓa ne yakan je ya ɗauko kayansa ya kuma ji da kwastan da kansa, kuma kwalayen sukan daɗe a jibge wani kan wani kafin jirgi ya tashi, don haka na waje sai ya fi wannan ƙarfi.